Idan Mai Saye Ya Ce Kuɗinsa Bai Kai Ba

Mai neman a yi masa aiki yakan karɓi takardar ƙiyasi, ya dubi adadin da ke ƙasanta, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce kuɗin da ya ware bai kai haka ba. A wannan gaɓar ce masu sana'a da yawa suke zubar da ribarsu da bakinsu, domin tun kafin mutumin ya rufe baki sun riga sun tambaye shi nawa za a rage masa. Ragin yakan zo da sauri saboda tsoron kada ciniki ya kuɓuce. Sai dai maganar da mai sayen ya yi ba ta bayyana abin da ya hana shi biya ba, kuma a lokuta da dama ragi ba shi ne maganin abin ba.

Ya kamata a fara bambanta ciniki iri biyu. A Kantin Kwari ko a kasuwar dabbobi, mai kaya yana faɗin farashi da sanin cewa za a taya. Ya bar wa tayin wuri tun farko, don haka idan ya ce albarka sau biyu sannan ya sallama, bai taɓa ribarsa ba. Wanda ya zauna ya lissafa kuɗin kaya da na ma'aikata da na mota, ya ɗora riba daidai gwargwado, ya rubuta a takarda, shi ba shi da wannan sararin. Haka abin yake ga mai haɗa sola, da mai buga littattafai, da telan da ya karɓi ɗinkin kayan makaranta, da mai haƙa rijiyar burtsatse. Duk nairar da irin waɗannan suka rage, daga ribarsu take fita, domin dilan da ya sayar musu da kaya ba zai rage musu komai ba don kawai mai sayensu ya koka.

Misalin mai haɗa sola zai nuna yadda lissafin yake. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, tun da farashin waɗannan kaya yana sauyawa tare da canjin dala. A ɗauka wani mai kemis a Kano yana da firjin ajiye magani, da firiza ta lemo da ruwa, da fanka huɗu, da ƙwayayen fitila goma, da kwamfuta. Injiniyan ya auna abin da waɗannan suke ci, ya rubuta masa fanel shida, da inbata ɗaya, da batirin litiyam mai ɗaukar kilowat-awa 5. Kayan da aikin gaba ɗaya za su ci wa injiniyan naira miliyan 2.4, sai ya rubuta naira miliyan 3. Ribarsa ke nan naira 600,000, wato kashi 20 cikin ɗari na farashin.

Idan ya yi ragin kashi 10 cikin ɗari, a kunnen mai saye abin ƙarami ne. Amma kashi 10 na miliyan 3 naira 300,000 ne, rabin ribar ke nan cif. Sai ya hau rufin mutum biyu kafin ya sami abin da aiki ɗaya zai ba shi. Idan ragin ya kai kashi 20, ya yi aikin a banza, kuma har yanzu garanti yana wuyansa: in inbata ta lalace bayan wata uku, shi za a kira, da kuɗin mansa zai zo. Wannan lissafi ne da ya kamata kowane mai sana'a ya yi a gida kafin ya fita, ya san adadin da in ya sauka ƙasa da shi ya fara cin uwar kuɗi.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ba ta fitowa a lissafi. Mutumin da aka ce wa miliyan 3, ya yi magana ɗaya aka sauko miliyan 2.7, zai fahimci cewa farashin farko ba na gaskiya ba ne. Daga nan yana da dalilin zargin na biyun ma, sai ya ƙara matsawa. Zai kuma gaya wa maƙwabcinsa nawa ya biya, kuma maƙwabcin daga wannan adadi zai fara tayi.

Abin da ke bayan maganar

Jimlar nan ta cewa kuɗi bai kai ba tana iya fitowa daga yanayi daban-daban, kuma kowanne da amsarsa. Wani da gaske abin da ke hannunsa ke nan. Wani yana da kuɗin amma ba a wannan watan ba, yana jiran a biya shi bashi ko a kai kakar amfanin gona. Wani yana da kuɗin a aljihu, sai dai bai ga abin da ya sa aikin ya kai haka ba. Wani yana riƙe da takardar wani injiniyan da ta fi araha. Wani kuma ba shi ne mai yanke hukunci ba, jarin na yayansa ne ko na wani kwamiti, kuma kunya ta hana shi faɗa. Akwai kuma wanda yake tayi ne kawai bisa al'ada, domin a wurinsa biyan farashin farko sakaci ne. Ragi nan take yana amfanar na ƙarshen nan kaɗai, kuma shi ne wanda zai iya saye ko ba a rage ba.

Saboda haka matakin farko tambaya ce, a cikin ladabi, ba tare da nuna jin haushi ko kare kai ba. Injiniyan zai iya cewa, «Na gode da ka faɗa mini gaskiya, Alhaji. Nawa ka ware wa aikin?» Daga nan sai ya yi shiru. Shirun yana da wuya, kuma a cikinsa ne mutane suke sakin farashi don kawai su cike gurbi. Amma mai saye yana bukatar lokacin da zai yanke ko zai faɗi adadin gaskiya, kuma sau da yawa abin da ya ƙara faɗa bayan ɗan shirun ya fi maganarsa ta farko amfani.

A ce Alhajin ya amsa cewa naira miliyan 2.2 ya ware. Tambaya ta biyu ita ce daga ina wannan adadi ya fito. Amsar tana rarrabe abubuwa sosai. Idan ya ce wani abokinsa ya haɗa nasa a kan haka shekara uku da suka wuce, to matsalar tsohon farashi ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin kayan da ake shigowa da su daga waje ya yi tsalle, kuma mutane da yawa suna ɗauke da alƙaluman da suka ji kafin lokacin. Masana halayyar ɗan Adam, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun nuna tun 1974 cewa adadin da mutum ya fara ji yana jan ƙiyasinsa na gaba zuwa kusa da shi, ko da adadin ba shi da tushe. Wanda ke cikin wannan hali bayani yake bukata, kuma nuna masa farashin dila na yau ya fi kowane rarrashi aiki.

Tambaya ta uku ita ce mai gwada ko kuɗin ne kaɗai matsalar: «Ranka ya daɗe, in da maganar kuɗi ta daidaita, akwai wani abin da zai hana mu fara aiki?» Idan ya ce babu, an san inda za a sa ƙarfi. Idan ya fara cewa sai ya yi shawara da yayansa, ko kuma yana tsoron batiri ya mutu kamar na wani da ya sani, to an gano cewa kuɗin lulluɓi ne. Ragin naira 300,000 ba zai kawar da tsoron mutuwar batiri ba, zai ma iya ƙara shi. Abin da zai kawar da shi shi ne garanti a rubuce, da lambar wani da aka yi wa irin aikin tun shekara biyu, wanda ya yarda a kira shi. In kuwa yayan ne mai kuɗin, sai a nemi a zauna da shi, domin bayanin da aka ba ɗan aike yakan isa da adadin kuɗi kaɗai, dalilan sun zube a hanya.

Awo da abin da yake kashewa yanzu

Miliyan 3 tana da nauyi idan aka kwatanta ta da sifiri. Amma mai kemis ba sifiri yake kashewa ba, yana da janareta. A nan injiniya mai hankali ba ya zuba alƙaluman kansa, tambaya yake yi: lita nawa ake sha a rana, kuma nawa ake sayen lita? A ce Alhajin ya amsa da lita 6 a kan naira 900. Naira 5,400 ke nan a rana, naira 162,000 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Giɓin da ke tsakanin abin da ya ware da abin da aka rubuta masa naira 800,000 ne, kusan kuɗin man wata biyar. Aikin gaba ɗaya kuwa zai mayar da kuɗinsa a cikin kamar shekara ɗaya da rabi. Sannan ga maganin da ke bukatar sanyi, irin su insulin da wasu allurai, wanda yake lalacewa idan firji ya daɗe babu wuta.

Amfanin wannan hanya yana cikin cewa alƙaluman daga bakin mai sayen suka fito, don haka ba zai zarge su ba. Tana da iyaka kuma, wadda ya wajaba a kiyaye. Idan lissafin ya nuna cewa mutumin lita ɗaya yake sha a rana domin unguwarsu tana samun wuta sosai, to aikin miliyan 3 ya yi masa yawa da gaske, kuma gaskiya ita ce a gaya masa haka. Ƙara wa mutum asarar da ba ya yi don a tsorata shi ya saya ha'inci ne, kuma yakan tonu tun a watan farko.

Idan kuwa takardar wani injiniyan ce ta jawo maganar, sai a roƙi a ga takardar, a ajiye biyun gefe da gefe, ba tare da zagin mai ita ba. Sau da yawa bambancin yana wurin batiri. Batiran ruwa guda biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna ɗaukar kusan kilowat-awa 4.8 a rubuce, wanda ya yi kama da 5 na litiyam. Amma batirin ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri, alhali na litiyam ana cin kashi 80 zuwa 90 nasa kullum, kuma yana daɗewa nesa ba kusa ba. Wani lokaci kuma fanel ɗin na hannu ne, ko an sa siririyar waya, ko an tsallake na'urorin kariya. Da zarar mai saye ya ga cewa ba abu ɗaya ake sayar masa ba, zaɓi ya rage nasa, kuma yana da haƙƙin ya zaɓi mai arahar da idonsa a buɗe.

Idan da gaske kuɗin ke nan

A ce duk an bi waɗannan, Alhajin ya yarda aikin ya cancanci kuɗinsa, amma miliyan 2.2 ce iyakarsa. Wannan adadi bai ma kai kuɗin kayan ba, da saura naira 200,000. Ƙa'idar da ke kare mai sana'a a nan ita ce farashi ba ya sauka sai wani abu a cikin aikin ya sauya. Ana rage aikin ya dace da kuɗin, ribar kuma tana nan a kasonta.

Sai a koma kan abin da ya wajaba ya kwana da wuta. Firjin magani dole ne. Firizar lemo kuwa za ta iya daskarewa da rana lokacin da fanel ke ba da wuta, a kashe ta da magariba, sanyinta ya kai ta safe matuƙar ba a yawan buɗe ta. Fanka biyu sun isa bayan faɗuwar rana a maimakon huɗu. Da wannan, abin da ake ci da dare ya ragu da kusan rabi, don haka batiri mai kilowat-awa 2.5 zai ɗauka, fanel huɗu kuma za su cika shi. A misalin nan, ƙaramin batirin ya rage naira 500,000, fanel biyun da aka cire sun rage naira 260,000. Abin da aikin zai ci ya dawo naira miliyan 1.64. Idan aka ɗora riba a kan kason nan na 20 cikin ɗari, farashin ya zama naira miliyan 2.05, ribar kuma naira 410,000. Mai sayen ya sami abin da ke cikin ƙarfinsa har da ragowar naira 150,000, kuma bai kamata a ƙirƙiro wani abu don a cinye ragowar ba.

Abubuwa biyu suke sa wannan ya yi kyau. Na farko, a bar inbatar yadda take da girmanta, a kuma zaɓi batirin da za a iya jona masa ɗan'uwansa, domin idan kuɗi ya samu bayan wata shida a ƙara kaya kawai ba tare da an zubar da na farko ba. Na biyu, a rubuta abin da aka cire ƙarara a sabuwar takarda: firiza ba ta kwana a kunne, fanka biyu ne da dare. Yawancin rigimar da ke biyo bayan irin wannan ciniki daga nan take tasowa, domin mai saye yakan tuna farashin da aka rage, ya manta kayan da aka rage. Ranar da yaron shago ya bar firiza a kunne wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare, sunan injiniyan ne zai ɓaci, sai in akwai takarda.

Akwai kuma abin da ba a ragewa ko mai saye ya roƙa. Kaurin waya, da na'urorin da ke yanke wuta idan an sami matsala, da ingancin haɗi, duk ba wurin tsimi ba ne, domin siririyar waya a ƙarƙashin kaya mai nauyi zafi take yi, kuma gobara ke biyo baya. Kowace sana'a tana da irin wannan iyaka: mai gini yana da yawan siminti da rodi, mai rijiya yana da zurfin da ruwa yake. Ana rage girman aiki, ba a rage amincinsa.

Hanya ta biyu ita ce a bar aikin da girmansa, a sauya lokacin biya. Alhajin ya ba da miliyan 2.2 yanzu, sauran naira 800,000 kuma ya biya 200,000 kowane wata har wata huɗu, kusan daga abin da da zai kai gidan mai. Wannan ya dace da wanda matsalarsa lokaci ce, amma haɗarin yana kan mai sana'a. A misalin nan kafin alƙalamin bai rufe kuɗin kaya ba, wato injiniyan ya zuba naira 200,000 daga jarinsa, ribarsa duka kuma tana hannun wani. Idan naira ta faɗi a tsakani, abin da zai karɓa ba zai sayi irin kayan da ya bayar ba. Shi ya sa masu ƙwarewa suke dagewa kuɗin farko ya rufe kuɗin kaya aƙalla, kuma ba sa yin haka sai da wanda aka san shagonsa da mutuncinsa. A rubuta yarjejeniya da ranaku da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Mafi yawan malamai sun halatta farashin bashi ya fi na hannu, da sharaɗin a tsayar da adadi ɗaya tun lokacin ƙulla ciniki, kuma ba a ƙara komai a kansa don an yi jinkirin biya.

Hanya ta uku ita ce musaya. Ragi yana iya zama daidai idan an karɓi wani abu mai daraja a madadinsa. Mai sayen da zai biya duka nan take ya ba injiniya damar sayen kaya yau kafin farashi ya motsa. Wanda ya ce a haɗa masa shago biyu a tare ya rage kuɗin mota da na ma'aikata, kuma dila zai iya sauƙaƙa farashi saboda yawa. Wanda ya yarda a yi aikin a makon da ma'aikata ba su da komai ya cike ranakun da da za su tafi a banza. Yadda ake furta maganar yana da muhimmanci, sharaɗin yana zuwa kafin ragin: «Alhaji, in za ka biya duka a wannan makon, zan iya cire naira dubu 80.» Girman ragin kada ya wuce abin da musayar ta kawo. Alƙawarin cewa za a kawo wasu masu saye nan gaba ba ya cikin wannan lissafi, tun da ba a riƙe shi a hannu ba. Wanda yake son girmama irin wannan alƙawari sai ya ce zai ba da la'ada ranar da cinikin ya tabbata.

Wani lokaci duk hanyoyin ba sa haɗuwa. Mutum yana da naira 900,000, yana kuma son firji da firiza su kwana a kunne. A nan amsar da ta dace ita ce a gaya masa cewa kuɗin ba zai yi abin da yake so ba, a nuna masa ɗan abin da zai iya yi, kamar fitilu da fanka da cajin waya, a bar masa takardar da ranar da farashinta zai daina aiki, mako ɗaya ko biyu, saboda canjin dala. Roger Fisher da William Ury, a littafinsu na 1981 kan sasantawa, sun jaddada cewa ƙarfin mutum a ciniki yana zuwa ne daga abin da zai koma wa idan cinikin bai yiwu ba. Mai sana'ar da wannan aikin kaɗai yake jira don ya biya kuɗin haya zai rage ko yana so ko ba ya so. Wanda yake da takardu biyar a hannun mutane daban-daban yana iya cewa Allah ya sa mu dace a gaba, ya tashi cikin mutunci. Saboda haka rabin juriyar da ake gani a wurin ciniki an tara ta ne tun kafin ranar, ta hanyar neman masu saye da yawa.

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa farashin farko na adalci ne, kuma ba kullum haka yake ba. Alamar da ke nuna matsalar tana wurin mai sayarwa ita ce mutane da yawa a jere su ce ya yi tsada, sannan a same su sun sayi kaya iri ɗaya, mai inganci ɗaya da garanti ɗaya, a wani wuri da ƙasa da haka. Wannan yana nufin ko dilansa yana tsawwala masa, ko ribar da yake ɗorawa ta wuce ta kasuwa, ko yana rubuta wa mutane kayan da suka fi bukatarsu. Gyaran irin wannan a teburin lissafi ake yin sa, a sauya dila ko a sake tsara farashi ga kowa da kowa, domin ragin da ake yi wa wanda ya fi iya matsawa kaɗai yana sa mai kunya ya biya fiye da mai baki a kan kaya ɗaya. Haka nan sauƙin da mutum ya ga dama ya yi wa maraya, ko makarantar allo, ko tsohon abokin ciniki, abu ne mai kyau da ya zaɓa da saninsa. A irin wannan sai a rubuta cikakken farashin a takarda, a rubuta abin da aka yafe a ƙarƙashinsa da dalilinsa, don wanda aka yi wa ya san girman abin, kada kuma adadin ya zama farashin da za a riƙa nema a aiki na gaba.